Tela da watan da ke bin bayan Sallah

Tambaya: "Malam, ni tela ne, shekarata 23. Da Sallah kuɗi sukan shigo mini sosai, amma wata ɗaya bayanta ko na abinci sai na ranta. Na sayi asusu sau biyu ina fasawa. Shin akwai wanda ka sani da ya fita daga irin wannan hali, kuma yaya ya yi?"

Akwai shi, ƙanena, kuma tun da sana'arku ɗaya zan ba ka labarinsa da lissafinsa gaba ɗaya. Aikina riƙe wa masu sana'ar hannu littafin kuɗi ne a ƙungiyoyin zubi nan Kano, da idona na ga yadda al'amarin yaron nan ya gudana. Ba zan faɗi sunansa ba.

Yana da keke ɗaya a shagon da suke haya su uku, shi da wani sa'ansa da dattijon da ya koya masa ɗinki, wanda kowa a layin yake kira Baba. Kayan maza yake ɗinkawa, kaftani da wando. Bai yi aure ba, yana kwana a gidansu, kuma shi ne ke ɗauke da rabin cefanen mahaifiyarsa da ƙannensa biyu.

Babbar Sallar 2023 ta kama ranar 28 ga Yuni. A makonni ukun da suka gabace ta ya ɗinka kaya hamsin, kowanne a kan naira 6,000, wato naira 300,000 suka ratsa ta hannunsa. Bai taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba. Ya sayi waya ta 85,000, ya shiga Kantin Kwari ya yanko wa kansa shadda, ya haɗa da hula da takalmi, 40,000 suka tafi. Barka da Sallah, toshin yarinyar da yake nema, ɗinkin ƙannensa, da ɗan abin da ya ba mahaifiyarsa suka ci wajen 45,000. Ban ga laifinsa a yawancin wannan ba. Saurayin da ya kwana ashirin a kan keke yana da haƙƙin ya sa sabon kaya ranar Idi, kuma kyautata wa uwa ba ɓarna ba ce.

Matsalar tana wani wuri. Dubu ɗari ukun nan rabinsu ne kawai nasa. Mai aikin wuya yana da 1,500 a kowane kaya, 75,000 ke nan. Zare da maɓalli da gam sun ci 25,000. Man janareto ya ci 30,000, don wata guda kafin nan, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500. Yaron da ke masa guga da sa maɓalli yana da 20,000. In ka haɗa, 150,000 na mutane ne da kayan aiki, 150,000 ne ribar guminsa. Shi kuwa ya kashe 170,000 a hidimar Sallah kaɗai, ban da abincin makonnin nan. Abin da ya cike giɓin shi ne kuɗin mai aikin wuya, wanda ya ba shi 40,000 ya ce sauran sai bayan Sallah, da kuma kafin alƙalamin kaya huɗu da ya karɓa na mutanen da suka ce ba sa sauri.

Bayan Sallah da mako biyu layin ya yi tsit. Kowa ya yi ɗinki, kowa ya yi layya, aljihu ya bushe, ga damina ta kankama, masu gona hankalinsu yana kan taki. Aikin farko da ya zauna ya yi shi ne kaya huɗun nan da ya riga ya ci kuɗinsu, kuma sai da ya nemo na zare da na aikin wuyansu daga wani wuri. A tsakiyar Yuli lita ta sake tashi ta kai 617, komai na kasuwa ya bi ta. Daga shigar Muharram zuwa ƙarshensa abin da ya samu bayan cire kayan aiki bai wuce 20,000 ba, mafi yawa daga gyaran wando da rage riga.

Ya daina hawa adaidaita, ya koma takawa da ƙafa safe da yamma. Abincin rana ya koma garin kwaki da ƙuli, wata rana ruwa kawai. Mai kantin unguwarsu ya yi masa haƙuri kwana goma yana rubutawa, ran nan a gaban mutane ya rufe littafin ya ce sai an rage na baya. Ana cikin haka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mahaifiyarsa. Ƙanwarsa ta zo har shago da takardar magani ta 9,000, shi kuwa naira ɗari bakwai ce a aljihunsa, ga mai aikin wuya zaune a kan benci yana jiran cikon 35,000 ɗinsa. Da yammar nan ya kai wayar kasuwa. Wayar da ya saya 85,000 kwana arba'in da suka wuce, da ƙyar aka taya ta 55,000. Ya sayi maganin, ya sallami mai aikin wuya, ya kai wa mai kanti ragowar.

Washegari Baba ya ga tsohuwar ƙaramar waya a hannunsa, bai tambaye shi komai ba. Sai bayan La'asar ya ce, "Ɗauko mini littafin awonka."

"Baba, littafin awo kuma?"

"Shi fa. Ba kana rubuta ranar da aka kawo kaya ba? To zauna mu ƙirga, wata-wata."

Wannan shi ne abin da nake so ka yi a daren nan kafin ka sake sayen wani asusu. Tela yana da abin da yawancin masu sana'a ba su da shi, wato littafin da yake nuna aikin shekara da kwanan wata, ko da bai taɓa rubuta kuɗi a ciki ba. Da suka ƙirga, shekarar yaron ta rabu uku a fili. Wata biyu na cikowa, azumi da gabanin Babbar Sallah, kaya hamsin zuwa sittin da biyar. Wata bakwai na tsaka-tsaki, inda bukukuwa da kayan makaranta da ɗinkin Mauludi suke riƙe shi. Sai wata uku na fari: wajen wata guda bayan Ƙaramar Sallah, da biyu bayan Babba. Ya duba shafukan shekarar da ta wuce, haka suke. Watan da ya ɗauka tsautsayi ne ya faɗa masa ashe kowace shekara yana zuwa a lokacinsa, bara dai abin bai yi tsanani ba ne saboda kaya ba su yi tsada haka ba.

Daga nan Baba ya turo shi wurina, muka yi lissafi na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. Nawa ne mafi ƙarancin abin da zai riƙe shi da gidansu a rana, ba tare da kunya ba kuma ba tare da bushasha ba? Abincinsa, kuɗin mota, kason cefane, ɗan kati da sabulu, suka tsaya a 1,800, wato 54,000 a wata. A watan fari yana samun wajen 20,000. Giɓin 34,000 ne, muka ce 35,000. Sau uku, 105,000. Ga kasonsa na hayar shago, 60,000, da ake biya kowane Afrilu. Jimla 165,000 a shekara.

Na tuna yadda ya yi shiru da ya ga adadin, ya ce, "Malam, ai wannan ya fi ƙarfina." Na ce masa ba sabon nauyi ba ne, kuɗin da yake biya ne kowace shekara, sai dai yana biyansu ta hanyar rance da sayar da kaya a wulaƙance. Dubu talatin da ya yi asara a waya kaɗai sun kusa cike masa giɓin wata guda.

A nan ne nake ganin asusunka yake faɗuwa. Asusu ba shi da adadin da ake nufi, ba shi da ranar da ake jira, kuma abin da ake jefawa a ciki shi ne abin da ya rage da dare. Mai sana'ar da kuɗinsa ke zuwa da lokaci ba ya samun ragowa: a watan cikowa hidima takan buɗe baki daidai da kuɗin, a watan fari kuwa babu abin ragewa. Manomi ba ya jiran ya ga abin da zai rage bayan an ci an sha kafin ya zuba a rumbu, ranar da aka kawo amfanin gida ake ɗibar na rumbu, sauran shi ne na ci da na kasuwa. Haka muka tsara masa.

Kowane kaya da ya ɗinka a watanni biyun cikowa ribarsa 3,000 ce, to 1,000 daga ciki ba tasa ba ce, ta watan fari ce. Ba a jiran ƙarshen mako, ba a jiran a gama Sallah. Ranar da mai kaya ya biya, a ranar ake cire ta. Kaya sittin da biyar da azumi da hamsin da Babbar Sallah sun ba da 115,000. Ragowar 50,000 kuma daga zubin kullum ne a watanni bakwai na tsaka-tsaki, naira 300 a rana, kwana ashirin da shida a wata tun da ba ya buɗe shago ranar Juma'a. Mai karɓar zubin kullum yakan ɗauki na kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, don haka 7,500 suke dawowa hannunsa duk wata, 52,500 a wata bakwai. Lissafi ya rufe har da ɗan canji.

Akwai sharaɗi ɗaya da in babu shi duk wannan ba ya aiki, shi ne raba kuɗin mutane da nasa tun a kan teburin yanka. Ya samo gwangwani biyu. Duk kuɗin da aka miƙo, kason mai aikin wuya da na zare da na mai suna shiga na farko, ba ya taɓa su ko da zai kwana da yunwa. Kafin alƙalami ma can yake shiga gaba ɗayansa, ba ya zama nasa sai ranar da aka karɓi kaya. Wannan na ƙarshen ya fi yi wa teloli wuya, don kuɗin yana hannu kuma mai shi ba ya gani. Amma duk telan da ka ji ana zaginsa da saɓa alkawari, in ka bincika sau da yawa ba lalaci ba ne. Ya ci kuɗin aikin ne tun kafin ya yi shi, sai zuciyarsa ta fi karkata ga sabon kayan da zai kawo sabon kuɗi, tsohon ya yi ta kwana a ƙarƙashin tebur.

Kada ka ɗauka daga ranar komai ya miƙe. Watan farko bai bi shawarar 300 ba. Zafin abin da ya same shi yana ransa, ya je ya yanki katin 1,000 a rana. Kwana tara ya yi yana zubawa, na goma ya ranci ɗari biyar wurin abokin shagonsa ya cika, na sha biyu ya fara ɓuya in ya hango mai zubi. Wannan ita ce alamar da za ka gane tsari ya fi ƙarfinka: ranar da ka ranta don ka yi zubi, ko ka taɓa gwangwanin mutane don kada katinka ya yi giɓi, adadin ya yi yawa, rage shi. A ganina zubin kullum ya kamata ya zama abin da za ka iya bayarwa a ranar da kasuwa ta fi muni cikin wata na tsaka-tsaki, ba a ranar da ta fi kyau ba. Ya koma 300 a Oktoba, daga nan bai sake tsallake rana ba.

Sai maganar inda kuɗin za su zauna, don dubu ɗaya-ɗayan Sallah in suka kwana a shago ba za su ga Muharram ba. Ya so ya shiga adashi da su, na hana shi. Adashi yana da kyau ga abin da ranarsa sananniya ce, kamar haya ko sayen sabon keke, in uwar adashin mai amana ce kuma ka nemi kwasarka ta faɗo kusa da ranar biya. Amma bai dace da kuɗin watan fari ba saboda dalili biyu. Ba ka da ikon ɗauka sai layinka ya zo, ciwo kuwa ba ya jiran layi. Sannan zubin adashi ba ya tsayawa don kasuwarka ta tsaya, a watan da kake neman na abinci a nan za a zo karɓa. Abin da ya yi shi ne buɗe asusun ajiya na daban a banki, bai karɓi katin cire kuɗi ba, bai kuma sa manhajar bankin a wayarsa ba. Kowane dare a lokacin Sallah yana tura na ranar ta wurin mai POS na bakin layi. In yana son cirewa sai ya taka har banki ya bi layi, kuma wannan 'yar wahalar ita ce take ba zuciya lokacin sake tunani. Wanda ba ya son kuɗinsa su haɗu da ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ. Duk inda za ka kai, ka tabbata wuri ne mai lasisin Babban Banki da inshorar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa mai ajiya har naira miliyan biyar a bankin kasuwanci da miliyan biyu a ƙaramin banki. Duk wanda ya ce ka kawo ya ninka maka cikin wata ɗaya ko biyu, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi ba shi wahala ba kwaɗayin kansa ba ne, 'yan'uwa ne. Da zarar an san kana ajiya, buƙatu sukan samo hanyar gidanka, kuma yawancinsu na gaskiya ne: suna, rashin lafiya, kuɗin jarrabawar ƙane. Ban yarda da masu cewa ka toshe kunne ba, don ranar da ya rasa na magani da wani ya toshe masa kunne da bai ji daɗi ba, kuma zumunci wajibi ne a kanmu. Abin da muka yi shi ne ware masa 2,000 duk wata a aljihu na daban. Wanda ya zo, daga nan ake ba shi, in sun ƙare ya ce, "Wallahi na wannan watan ya ƙare, sai dai mai kamawa," kuma gaskiya ya faɗa. Mahaifiyarsa kaɗai ya gaya wa akwai asusun banki da abin da aka tanade shi dominsa, ita ce ma ta riƙa kare masa shi.

Da azumin 2024 ya zo yana da 37,500 daga zubin wata biyar. Ya ɗinka kaya sittin kafin Sallar da aka yi ranar 10 ga Afrilu, ya tura 60,000. Ya biya hayar shago a ranar da aka nema, karo na farko ba tare da ya roƙi a ɗaga masa ƙafa ba. Watan da ya biyo baya ya ciri 25,000 ya cike cefane. Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni, ya ƙara 48,000, ya shiga Muharram da kusan 60,000 a banki.

Ba su kai shi ƙarshen fari ba, kuma ya kamata ka san dalili. Lissafinmu na 1,800 a rana na farashin 2023 ne. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, abinci ma ya fi haka, abin da yake buƙata a rana ya koma wajen 2,400. Kuɗin da aka tsara su yi wata biyu sai suka yi mako shida. Makonni biyun ƙarshe ya ci bashin 12,000 wurin mai kanti, ya biya da kuɗin ɗinkin kayan makaranta a Satumba. Bai sayar da komai ba, bai taɓa kuɗin mai aikin wuya ba, kuma da ƙanensa ya yi zazzaɓi a Agusta a ranar aka sayi magani.

Gyara biyu ya yi bayan nan. Na farko, ya daina ɗaure kason ajiya da adadi tsayayye, ya mayar da shi kashi ɗaya cikin uku na ribar kowane kaya, ta yadda in ya ƙara kuɗin ɗinki ajiyar ma za ta ƙaru da kanta, kuma yana sake lissafin kuɗin rana kafin kowane azumi. Na biyu, tun da mafi yawan kuɗin watan fari a abinci suke tafiya, kuma hatsi ya fi tsada a tsakiyar damina daidai lokacin da kasuwarsa take mutuwa, sai ya riƙa mayar da wani kaso na zubin kullum buhun gero ko masara da kaka, ya zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana ƙwari, ya ajiye a ɗakin mahaifiyarsa a kan katako don kada danshi ya taɓa shi. Na ci ne kawai, ba na jiran tsada ba. Waɗanda suka tara hatsi don riba da yawa sun ƙone a 2025 da farashi ya sauko, amma wanda ya ajiye buhu ɗaya don tuwon gidansu ko farashi ya faɗi tuwon zai ci.

Adadin da na kawo na yaron nan ne da farashin waɗancan shekaru, naka zai bambanta, musamman in kayan mata kake ɗinkawa, inda bukukuwa suke rage tsawon fari amma kayan aiki suke cin kaso mafi girma. Ka ƙirga kayan kowane wata a littafin awonka na shekara guda, ka fitar da ribarka a kaya ɗaya bayan ka cire haƙƙin kowa, ka san kuɗin ranarka, ka ninka giɓin da yawan watannin da aikin yake ɗaukewa. In yanzu kana cikin farin ne, kada ka fara zubi, ka lallaɓa ka fita ba tare da ka ci kafin alƙalamin kowa ba, in akwai bashi ka fara biyan na mai aikin wuya don da shi za ka yi Sallah mai zuwa. Katin zubin kullum ka yanke shi a watan da aiki ya fara dawowa, asusun bankin kuma ka buɗe shi tun Sha'aban, don da azumi ya shiga ba za ka samu sararin zuwa bin layi ba.